Ƙofofi uku kafin lasisi: wacce yarjejeniyar ƙasashe ke buɗe wa injiniya?

Injiniyan da ya shekara goma yana zana gadoji a ƙasarsa, ranar da ya tsallaka iyaka sai ya koma, a idon doka, kamar wanda bai taɓa riƙe aiki ba. Ba shi da ikon sa hannu a zane, ba shi da ikon buga hatimi, a wasu wuraren ma ba a yarda ya kira kansa ƙwararren injiniya ba. Ba raina shi aka yi ba. Lasisi alƙawari ne da hukuma take yi wa mutanenta cewa ta binciki wannan mutum ta gamsu da shi, kuma idan ginin da ya zana ya rushe ta san inda za ta same shi. Hukumar da ba ta san jami'ar da ya yi ba, ba ta kuma san waɗanda suka horar da shi ba, ba za ta iya yin wannan alƙawari a kansa ba sai ta sake bincike daga tushe.

Yarjejeniyar amincewa da juna an ƙirƙiro ta ne don rage wannan maimaici. Hukumomi biyu ko fiye suna zama su duba yadda kowacce take tantance mutanenta, idan suka ga ma'aunin ya yi kusa da juna sai su ce: wanda kuka tantance ba sai mun sake tantance shi ba. Sai dai a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Sukan ji an ce ƙasa kaza ta shiga yarjejeniya, sai su ɗauka lasisin ƙasar waje ya zo hannu ke nan. Alhali kafin a ba mutum lasisi tambayoyi uku ake yi masa, kowacce da ƙofarta. Me ka karanta? Ka iya aikin, kuma ka taɓa ɗaukar nauyinsa da kanka? Doka ta ba ka izinin yin sa a wannan yanki? Kowace yarjejeniya ƙofar da aka rubuta ta dominta kawai take buɗewa, kuma mafi shahara a cikinsu ta farkon kaɗai take taɓawa.

Wannan mafi shaharar ita ce Yarjejeniyar Washington, wadda aka rattaba wa hannu a 1989. Hukumomi shida ne suka fara ta, daga Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, Ailan da New Zealand. A lura da kyau, ba gwamnatoci ne suka sa hannu ba, hukumomin da ke tantance kwasa-kwasan injiniya a jami'o'i ne, irin su ABET ta Amurka. Abin da suka amince a kai shi ne, idan ɗaya daga cikinsu ta tantance wani kwas na digirin injiniya ta ce ya cika sharaɗi, sauran za su ɗauke shi daidai da nasu a ginshiƙi, ko da darussan ba su zo iri ɗaya ba. Kuma ba da ka suke wannan amincewa ba. Sukan tura wakilai su bi hukumar wata ƙasa zuwa jami'o'i su ga yadda take gudanar da tantancewar, ana kuma sake wannan dubawa duk bayan shekara shida. Daga baya wasu suka shigo: Afirka ta Kudu a 1999, Japan a 2005, Malesiya a 2009, Indiya a 2014, Sin a 2016, Pakistan a 2017. An kuma yi mata ƙanne biyu, Yarjejeniyar Sydney ta 2001 da ta Dublin ta 2002, don masu karatun fasahar injiniya na shekara uku da na shekara biyu.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata injiniyar gine-gine da hanyoyi ta gama digirinta a Malesiya a 2012, a kwas ɗin da hukumar ƙasar ta tantance, ta yi aiki na wasu shekaru, yanzu tana son komawa jihar Queensland ta Ostireliya. Matakin farko shi ne ƙungiyar Engineers Australia ta duba karatunta. Hanya biyu ce. Wanda digirinsa ba ya cikin yarjejeniyar sai ya rubuta rahoton nuna ƙwarewa da ake kira CDR: labarin ayyuka uku da ya yi da hannunsa, kowanne kalma 1,000 zuwa 2,500, sannan wani jadawali da zai nuna a wane sakin layi ya cika kowane sharaɗi na ƙwarewa, da jerin horon da ya ƙara bayan makaranta. Aiki ne mai cin makonni, kuma mai dubawa yana iya mayar da shi ko ya sanya mutum a matakin da bai kai na cikakken injiniya ba. Ita kuwa injiniyarmu ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin wannan. Takardar digiri, takardar sakamakon darussa, shaidar ko ita wace ce, da sakamakon jarrabawar Turanci, shi ke nan. Mai dubawa zai buɗe jerin kwasa-kwasan da Malesiya ta tantance, ya ga sunan nata, ya wuce.

To ga inda gizo yake saƙar. A ce akwai wanda ya riga ta gamawa, sashe ɗaya, malamai ɗaya, amma shi a 2007 ya fita. Ya fi ta gogewa da shekara biyar, amma hanyar da ta bi a rufe take gare shi, domin Malesiya ba ta zama cikakkiyar mamba ba sai 2009, kuma amincewar ba ta komawa baya. Shi sai ya zauna ya rubuta rahoton nan. Haka wanda ya yi jami'a ɗaya da ita a shekara ɗaya, amma a wani kwas da ba a tantance ba, domin kwas ake tantancewa ba jami'a ba. Har reshen jami'a yana da tasiri: kwas mai suna ɗaya da ake koyarwa a harabar da ke wata ƙasa ba lallai ne ya shiga jerin ba. A Indiya ma ba duk kwas da hukumar ƙasar ta tantance ne yake ƙarƙashin yarjejeniyar ba, sai na rukunin farko na makarantu. Akwai kuma abin da ake kira zama mamba na wucin gadi. Ƙasar da ke wannan mataki tana halartar taro, ana yi mata jagora, amma digirin ɗalibanta bai samu amincewa ba tukuna, kuma ana iya shafe shekaru a haka. Sau da yawa sanarwar da ake yi da murna cewa an shiga yarjejeniya wannan matakin take nufi.

Injiniyarmu ta wuce ƙofar farko. Shin za ta iya fara sa hannu a zane a Queensland? A'a. Dokar jihar ta 2002 ta ce duk mai yin aikin ƙwararren injiniya sai ya yi rajista da hukumar injiniyoyin jihar, ko kuma ya yi aiki ƙarƙashin kulawar mai rajista kai tsaye. Rajistar kuma tana neman shekarun aiki bayan digiri da shaidar ƙwarewa daga wata ƙungiya da aka amince ta yi tantancewar. Yarjejeniyar Washington ba ta ce komai a kan wannan ba. Iyakar abin da masu sa hannu suka ɗauka shi ne za su yi bakin ƙoƙarinsu su shawo kan hukumomin ba da lasisi na ƙasashensu su karɓi digirin. Bakin ƙoƙari kuwa ba tilas ba ne.

Don ƙofa ta biyu aka yi wasu yarjejeniyoyin daban, manyansu su ne ta injiniyoyin APEC, ta ƙasashen yankin Asiya da tekun Fasifik, da ta ƙwararrun injiniyoyi ta duniya da ake kira IPEA, wadda ba ta taƙaita ga yanki ɗaya ba. Su ba kwas suke kallo ba, mutum suke kallo. Kowace ƙasa tana buɗe rajista ta musamman, ba a shigar da mutum sai yana da lasisi ko rajista a gida, ya yi shekara bakwai yana aiki bayan digiri, biyu daga ciki yana riƙe da ragamar wani babban aiki, kuma yana ci gaba da ƙaro ilimi. Wannan sharaɗi na shekara biyun shi ne yake kayar da mutane. Ba a tambayar girman kamfanin da ka yi wa aiki ko tsadar aikin da aka yi kana wurin. Ana tambayar wace shawara ce ta fito daga gare ka, wadda da ta ɓaci kai za a kama. Mutum yana iya shekara goma sha biyar a manyan ayyuka bai taɓa zama a wannan kujera ba.

Malesiya da Ostireliya duk suna cikin tsarin APEC, saboda haka idan injiniyarmu ta shiga rajistar tun tana gida, ta zo da abin da zai rage mata wahala. Alƙawarin shi ne ƙasar da ta karɓe ta za ta taƙaita ƙarin binciken da za ta yi mata, ta tsaya ga abin da ya keɓanta da wurin, kamar dokoki da ƙa'idojin gini. Amma har yanzu rangwame ne, ba lasisi ba. Ƙasashen ASEAN, wato ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, sun yi tasu a 2005 da irin waɗannan sharuɗɗa na shekara bakwai da biyu, sai dai sun ƙara wani abu da ke nuna iyakar amincewar: baƙon injiniya zai yi aiki ne tare da injiniyan gida mai lasisi, ba shi kaɗai ba. A ganina wannan rabin amincewa ce. An yarda ka iya, amma hannun wani ne zai hau takarda.

Yarjejeniyar da ke buɗe ƙofa ta uku ba ta da yawa, kuma in ka duba za ka ga gwamnatoci ne suka yi ta, suka mayar da ita doka. Misali mafi ƙarfi shi ne tsarin da ke tsakanin Ostireliya da New Zealand, wanda ya fara aiki a 1998. Ƙa'idarsa gajera ce: wanda yake da rajistar wata sana'a a ɗayan ƙasashen yana da haƙƙin a yi masa rajistar sana'ar da ta yi daidai da ita a ɗayar. Ba a sake tambayarsa ina ya yi karatu ko shekara nawa ya yi yana aiki. Yana miƙa sanarwa da shaidar cewa rajistarsa tana da rai kuma ba a hukunta shi ba, daga nan ana ɗaukarsa kamar mai rajista yayin da hukuma take dubawa, ita kuma wata ɗaya aka ba ta ta amince, ko ta jinkirta, ko ta ƙi da hujja. A nan an juya nauyin: ba mai nema ne zai tabbatar ya cancanta ba, hukuma ce za ta nuna dalilin hana shi. Duk da haka an cire likitoci daga cikin tsarin, kuma yana aiki ne kawai inda sana'ar take da rajista ta doka a ɓangarorin biyu.

Tarayyar Turai ta bi hanya biyu a dokarta ta 2005, kuma bambancin yana koyar da abu mai muhimmanci. Sana'o'i bakwai suna samun amincewa kai tsaye: likitoci, ma'aikatan jinya, likitocin haƙori, likitocin dabbobi, ungozoma, masu haɗa magunguna da masu zanen gine-gine. Dalili shi ne ƙasashen sun riga sun daidaita mafi ƙarancin horon da za a ba waɗannan, an kuma jera sunayen takardun shaidar kowace ƙasa. Injiniyoyi ba sa cikin bakwai ɗin, domin yadda ake horar da su da yadda doka take ɗaukarsu ya sha bamban sosai daga ƙasa zuwa ƙasa. Su ana duba takardunsu ɗaya bayan ɗaya. Hukuma tana da wata uku daga ranar da takardu suka cika, ana iya ƙara mata wata ɗaya. Idan ta ga babban giɓi tsakanin horonsa da na gida, tana iya sa shi jarrabawa a kan giɓin kawai, ko ya yi aiki ƙarƙashin kulawa har zuwa shekara uku. A kula da kalmar "cika". Agogon ba ya fara tafiya sai takarda ta ƙarshe ta iso, saboda haka fassarar da ba a tabbatar ba ko wasiƙa ɗaya daga tsohuwar hukuma tana iya cinye lokacin da dokar ta yi tanadin ragewa. Sannan irin wannan dama tana iya gushewa: 'yan Birtaniya sun rasa ta a ƙarshen 2020, bayan ficewar ƙasarsu daga tarayyar.

Amurka ce ta fi nuna matsalar da na fara ambata, wato mai sa hannu daban, mai ba da lasisi daban. A can babu lasisin injiniya na ƙasa baki ɗaya, kowace jiha da hukumarta da dokarta. Hanyar da aka saba ita ce digirin da ABET ta tantance, jarrabawar tushen ilimin injiniya da ake kira FE mai tambaya 110, shekara huɗu ta aiki, sannan jarrabawar ƙwarewa a aiki da ake kira PE, wadda a fannoni da dama tambaya 80 ce cikin awa takwas. Da injiniyarmu can ta nufa, kasancewar ABET cikin waɗanda suka kafa Yarjejeniyar Washington ba zai tilasta wa kowace jiha karɓar digirinta ba, jihohi da dama za su tura ta a sake auna darussanta ɗaya bayan ɗaya. Tarihi ma ya nuna haka. A 1995 ƙungiyoyin injiniyoyin Amurka da Kanada da Meziko sun sa hannu a wata yarjejeniya ƙarƙashin yarjejeniyar cinikayya ta Arewacin Amurka, amma a ɓangaren Amurka jihar Texas ce kaɗai ta karɓe ta yadda take. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Shi ya sa yarjejeniyar da NCEES, wato majalisar da ta haɗa hukumomin lasisi na jihohin Amurka, ta ƙulla da Majalisar Injiniyoyi ta Birtaniya a Agustan 2024 ta ja hankali. Tsarin ƙasashen biyu ba ya kama da juna ko kaɗan. Amurka ta dogara da rubutacciyar jarrabawa, Birtaniya kuma da duba tarihin aikin mutum da ganawa da manyan abokan sana'a. Maimakon su tsaya jayayyar wanne ya fi, sai suka ɗora yarjejeniyar a kan rajistar nan ta IPEA da kowannensu yake da ita. Injiniyan Birtaniya da ke cikin rajistar yana iya neman lasisi ba tare da ya zauna manyan jarrabawowin biyu ba. Ga mutumin da ya bar aji shekara ashirin da suka wuce, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma fa a jihohin da suka zaɓi shiga kawai, domin NCEES ba ta ba da lasisi, ba ta kuma da ikon umartar kowace jiha.

Ko a inda aka buɗe ƙofofin uku, akwai ragowar da ba ta tafiya, kuma a nan ina ganin hukumomi suna da gaskiya. California tana sa injiniyoyin gine-gine ƙarin jarrabawa a kan girgizar ƙasa da awon fili. Alaska tana neman darasi a kan aikin injiniya a yanki mai tsananin sanyi, inda ƙasa take daskarewa ta narke a ƙarƙashin harsashin gini. Wanda bai taɓa lissafin nauyin dusar ƙanƙara a kan rufi ba, ƙwarewarsa a wani wuri ba za ta koya masa wannan ba. Inda nake da shakka shi ne sharaɗin da ba ya da alaƙa da wani haɗari da za a iya nunawa, kamar a ce sai ka yi aiki a cikin ƙasar kafin a ba ka lasisin da sai da shi za a ɗauke ka aikin. Hukumomin ba da lasisi galibi 'yan sana'ar ne suke tafiyar da su, kuma ba kowa ne yake murnar ƙarin abokan gasa ba. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: a tambaya wane lahani ne sharaɗin yake karewa, kuma shin ba za a iya gwada shi da jarrabawar yini ɗaya ba?

Wanda yake son sanin ko wata yarjejeniya ta shafe shi, kada ya tsaya ga sanarwar jarida. Ya nemi jerin kwasa-kwasan da hukumar ƙasar da ya yi karatu ta tantance, ya duba sunan kwas ɗinsa harafi da harafi, da harabar, da shekarun da tantancewar ta ƙunsa, sannan ya gwada da shekarar da hukumar ta zama cikakkiyar mamba. Bayan haka ya koma wajen hukumar da za ta ba shi lasisin, ta jiha ce ko ta lardi, ya ga ko ita da kanta ta ambaci yarjejeniyar a ƙa'idojinta. Ya kuma karanta ko an yarda da lasisin da aka samu ta wata yarjejeniyar, domin da yawa suna toshe wannan hanya don kada mutum ya yi tsani da ƙasa ta uku. Kuskuren da ya fi ciwo kuwa shi ne barin rajistar gida ta mutu bayan an yi ƙaura. Yarjejeniyoyin ƙofa ta biyu da ta uku galibi a kan rajista mai rai suke tsayawa, kuma hukumar da za ta karɓe ka takan nemi wasiƙar shaidar kyakkyawan matsayi daga tsohuwar hukumarka. Injiniyarmu, in ta daina biyan kuɗin sabuntawa a Malesiya kafin Queensland ta gama da takardunta, sunanta zai fita daga rajistar APEC, ta koma layin waɗanda za a tantance ƙwarewarsu daga farko. Takardar izinin shiga ƙasa da ta izinin aiki kuma ofishinsu daban ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan yarjejeniyoyi na injiniyoyi da ke ba da su.